Kundin aikin gyara matsalar shiga sabar ofis daga rassa bayan cikar wa'adin kalmar sirri

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Tun da hantsi ma'aikatan rassa suka fara kira suna cewa sabar ta ƙi karɓar kalmar sirrinsu, alhali ranar Juma'a da ita suka yi aiki har aka tashi. Tsarin da muke da shi shi ne, manhajar lissafin kuɗi tana kan sabar guda mai Windows Server 2019 a babban ofis, ma'aikatan rassa kuma suna shigarta da Remote Desktop Connection daga kwamfutocin da ba a haɗa su da domen ɗinmu ba. Akwai wata sabar ta daban da ke riƙe da sunaye da kalmomin sirri na kowa, wadda Windows ke kira Domain Controller, kuma a wannan kundi zan riƙa kiranta sabar asusu, ɗayar kuwa sabar aiki.

Saƙon da ke fitowa ba iri ɗaya ba ne. Wasu suna ganin "This user account's password has expired", wanda ya faɗi dalilin ƙarara, wasu kuma suna ganin "The Local Security Authority cannot be contacted", wanda ke sa mutum ya zaci layin sadarwa ne ya katse. Na duba asusun ɗaya daga cikin masu kiran da wannan umarni:

```
net user akawu01 /domain
```

Layin `Password last set` ya nuna 26 ga Agusta, layin `Password expires` kuma ya nuna yau. A ranar 26 ga Agusta ne aka tara ma'aikatan rassa a babban ofis domin horo, kowa ya zaɓi kalmar sirrinsa a nan take, kuma dokar domen ɗinmu tana nan yadda Windows ke zuwa da ita, wato wa'adin kwana 42. Idan aka ƙirga kwana 42 daga 26 ga Agusta, a kan 7 ga Oktoba yake faɗawa, shi ya sa abin ya same su gaba ɗaya a safiya guda.

A kwamfutar da ke gaban mutum, cikar wa'adi ba wata matsala ba ce, domin Windows tana buɗe masa gurbin da zai rubuta tsohuwar kalma da sabuwa. A nan kuwa sabar aiki tana buƙatar Network Level Authentication, wanda za mu riƙa taƙaitawa da NLA. Aikinsa shi ne a tantance mutum tun kafin sabar ta buɗe masa zama ko ta nuna masa allon shiga, kuma yana yin haka ne ta hanyar CredSSP, tsarin da ke isar da suna da kalmar sirri daga kwamfutar ma'aikaci zuwa sabar. Tantancewar tana gudana a matsayin shiga ta netwok, wadda amsarta biyu ce kawai, a karɓa ko a ƙi, babu wurin canza kalma a cikinta. Lamarin ya yi kama da mai gadi da ba ya barin kowa ya wuce sai da kati mai aiki, alhali ofishin sabunta katin yana cikin gidan da yake gadi.

Abokin aikina da ke amsa kira ya fara sake saita kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani sabon saƙo: "You must change your password before logging on the first time". Dalili shi ne, akwatin `Reset Password` a Active Directory Users and Computers yana zuwa ne da alama a kan `User must change password at next logon`, kuma wannan alamar tana mayar da `pwdLastSet`, gurbin da ke riƙe da lokacin da aka saita kalma, zuwa 0. A wurin NLA, asusun da aka wajabta wa canza kalma da wanda wa'adinsa ya cika duk hukuncinsu ɗaya. Domin kada aikin rassa ya tsaya, mun sake saitawa ba tare da alamar ba, muka faɗa wa kowa kalmarsa ta waya bayan mun tabbatar da wanda muke magana da shi. Ban ji daɗin wannan hanya ba, domin yanzu akwai kalmomin sirri da mutum biyu suka sani.

Talata, 8 ga Oktoba

Jiya da yamma mun umarci kowa ya danna Ctrl+Alt+End a cikin zamansa, ya zaɓi `Change a password`, ya sa kalmar da shi kaɗai ya sani. Kusan duk wanda ya gwada ya gamu da saƙon da ke cewa sabuwar kalmar ba ta cika sharuɗɗan tsawo, ko sarƙaƙiya, ko tarihi ba, har wasu suka yi ta ƙara haruffa da lambobi a banza. Kalmomin nasu ba su da laifi. Dokar `Minimum password age` a domen tana kan kwana 1, kuma idan mai kula da tsari ya saita kalma ba tare da alamar tilasta canji ba, ana lissafinta a matsayin sabuwar kalma wadda mai ita ba zai iya canzawa ba sai ta cika awa ashirin da huɗu. Saƙon da Windows ke nunawa bai ambaci wannan sharaɗi ba sam. Da rana ta yi yau, wa'adin ya cika, canjin ya tafi ba tare da tangarɗa ba.

Ban taɓa wannan doka ba, kuma ba na ganin ya dace a taɓa ta, saboda ita ce ke hana mutum ya yi ta canza kalma a jere cikin 'yan mintoci har ya dawo kan tsohuwar.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Shugaban sashen gudanarwa ya kira ni, ya ce wani ya gaya masa cewa alama guda ce za a cire a sabar, matsalar ta kau har abada. Ya tambaya, "Malam, in dai haka ne, me ya hana a cire?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya aka gaya maka, cirewar tana kawar da wannan matsalar, amma ina roƙon ka ba ni lokaci in nuna maka abin da za mu bayar a madadinta."

Na gwada a kan sabar gwaji domin in yi magana da abin da na gani da idona. Saitin yana cikin rajista a `HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Terminal Server\WinStations\RDP-Tcp`, inda `UserAuthentication` ke zama 1 idan ana buƙatar NLA, kuma ana iya tilasta shi ta Group Policy da dokar `Require user authentication for remote connections by using Network Level Authentication`. Kashe shi a sabar kaɗai bai wadatar ba, domin manhajar da ke kwamfutar ma'aikaci za ta ci gaba da gwada CredSSP matuƙar ɓangarorin biyu suna iyawa. Sai an ƙara wannan layi a fayil ɗin haɗi mai ƙarewa da `.rdp`:

```
enablecredsspsupport:i:0
```

Da aka haɗa biyun, allon shiga na Windows ya bayyana, asusun gwaji wanda wa'adinsa ya cika ya canza kalmarsa ya wuce. Da na mayar da `UserAuthentication` zuwa 1 na bar layin a fayil ɗin, sai haɗin ya yanke da saƙon da ke cewa kwamfutar nesa tana buƙatar NLA. Saboda haka wanda ya ce a sa wannan layi kawai a kwamfutar ma'aikaci, rabin magana ya faɗa.

Abin da na rubuta wa shugaban shi ne, idan babu NLA, duk na'urar da ta iya kaiwa ga tashar 3389 za ta sa sabar ta ware ƙwaƙwalwa, ta buɗe zama, ta zana allon shiga, tun ba a san ko wane ne ke ƙwanƙwasawa ba, kuma duk wani ramin tsaro da ke cikin wannan sashe na manhajar yana zama a buɗe ga wanda ba shi da asusu ko kaɗan. An ga haka a watan Mayun 2019 da ramin da aka yi wa laƙabi da BlueKeep, mai lamba CVE-2019-0708, wanda ya shafi Windows 7 da Server 2008 R2 da waɗanda suka girme su, har Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP da ta daɗe da daina tallafa wa. Wannan bai shafi irin sabarmu ba, amma a watan Agustan shekarar an bayyana CVE-2019-1181 da CVE-2019-1182, waɗanda suka shafi sababbin Windows har da Server 2019. A duka biyun, inda NLA ke kunne sai maharin ya mallaki suna da kalmar sirri masu aiki kafin ya kai ga ramin. Gaskiya ne sabarmu ba ta fuskantar intanet kai tsaye, sai ta layin sirri da ke haɗa rassa da babban ofis, amma kwamfutocin rassan ba a hannunmu suke ba, ana cusa musu filashi iri-iri, kuma guda ɗaya da ta kamu da muguwar manhaja ta isa ta kai ga tashar. Shugaban ya amince a bar NLA, da sharaɗin a samar wa ma'aikata hanyar canza kalma kafin wa'adi na gaba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Wata sabuwar matsala ta ɓullo a kan asusu guda, na shugabar sashen kuɗi a ɗaya daga cikin rassa. Tun ranar Alhamis asusunta yake kullewa, a buɗe mata, bayan ɗan lokaci ya sake kullewa, alhali ta tabbatar tana rubuta kalmar daidai, kuma da yawan lokuta tana shiga lafiya. Dokarmu tana kulle asusu bayan kuskure 5.

Wannan ya sa na zauna na karanta Event Viewer a tsanake. Tunda rassa suna haɗuwa da sabar aiki da lambar IP ne maimakon sunanta, tantancewar tana bin NTLM, don haka duk ƙin karɓa yana barin rahoto mai lamba 4625 a sashen `Security` na sabar aiki, da kuma 4776 a sabar asusu. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a ƙarƙashin NLA rahoton yana nuna `Logon Type` 3, wato shiga ta netwok, ko da yake mutum zai sa ran ganin 10, wadda ita ce ta Remote Desktop. Wanda ya tace rahotanni da 10 kaɗai zai ɗauka babu wanda aka ƙi. Abu na biyu shi ne lambar da ke layin `Status` ko `Sub Status`, domin ita ce ke faɗin dalili na gaskiya, komai saƙon da ma'aikaci ya gani. A ranar 7 ga wata rahotannin safe duk `0xC0000071` ne, wato wa'adi ya cika, na bayan saitin farko kuma `0xC0000224`, wato dole a canza kalma. Na Hajiya, wato shugabar sashen kuɗin, kuwa `0xC000006A` ne, kalmar da aka aiko ba daidai ba ce, a jere har biyar, sannan `0xC0000234`, asusu a kulle.

Rahoto mai lamba 4740 a sabar asusu, wanda ake rubutawa duk lokacin da asusu ya kulle, yana da layin `Caller Computer Name`. Sunan da ke wurin ba na kwamfutar teburinta ba ne. Na kira ta na ce, "Hajiya, ko akwai wata kwamfuta da kika taɓa shiga da ita ban da ta ofishinki?" Ta ce akwai wadda ke kan kanta, wajen karɓar kuɗi, ta yi amfani da ita makon farko kafin a kawo mata tata. Da muka duba wannan kwamfutar:

```
cmdkey /list
cmdkey /delete:TERMSRV/10.10.0.20
```

Umarnin farko ya nuna an adana sunanta da kalmarta a ƙarƙashin `TERMSRV/10.10.0.20`, saboda ta sa alama a `Remember me` tun watan Agusta. Masu karɓar kuɗi suna danna alamar haɗin a kan allo, kwamfutar ta aika tsohuwar kalmar Hajiya, a ƙi, sannan su zaɓi wani asusu su shiga da nasu, ba tare da sanin cewa kowane danni yana ƙara wa asusunta kuskure guda ba. Umarni na biyu ya goge abin da aka adana.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa ita kaɗai, tunda ba ita kaɗai ta adana kalma ba. Tun daga Windows Server 2003, sabar asusu ba ta ƙirga kuskure idan kalmar da aka aiko ta yi daidai da ɗaya daga cikin kalmomi biyu na baya, ko da yake tana ƙin karɓarta. Wasu ma'aikatan sau ɗaya aka saita musu, sannan suka canza da kansu, don haka kalmar Agusta tana cikin biyun nan, tana faɗuwa ba tare da an ƙirga ta ba. Hajiya kuwa tana cikin waɗanda suka fara kira, an saita mata da alama, an sake saitawa babu alama, sannan ta canza da kanta ranar Talata, kalmar Agusta ta koma ta uku a baya, ƙirge ya fara. Wannan yana nufin sauran kalmomin da aka adana a rassa za su fara kulle asusu da zarar masu su sun sake canji, don haka sai an bi kwamfutocin an goge su kafin Nuwamba.

Laraba, 16 ga Oktoba

An samu ƙorafi daga wani sabon ma'aikaci, lambar rahotonsa `0xC0000064`, wato babu mai wannan suna. Ya rubuta sunansa shi kaɗai, kwamfutarsa kuma ta liƙa masa sunanta a matsayin domen. Da ya rubuta `OFIS\sunansa` ya shiga. Mun sa cikakken tsarin sunan a takardar da ake bai wa sababbin ma'aikata.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An kafa hanyar canza kalma a wajen NLA. Na girka RD Web Access a kan wata ƙaramar sabar da ke cikin domen, domin tun daga Windows Server 2012 yana zuwa da shafin canza kalmar sirri, sai dai a kashe yake. Ana kunna shi a IIS Manager, a bi `Default Web Site`, sannan `RDWeb`, sannan `Pages`, a buɗe `Application Settings`, a mayar da `PasswordChangeEnabled` zuwa `true`. Shafin yana nan a `/RDWeb/Pages/en-US/password.aspx`, kuma yana neman suna tare da domen, da tsohuwar kalma, da sabuwa sau biyu.

Na gwada shi da asusun da wa'adinsa ya cika, da kuma wanda aka sa wa alamar tilasta canji, dukansu sun canza kalma sannan suka shiga sabar aiki da NLA a kunne. Na biyun ya fi muhimmanci a wurina, saboda yana nufin daga yau mai amsa kira zai bar alamar yadda take, ya ba da kalmar wucin gadi wadda ba ta buɗe sabar aiki, ma'aikaci ya je shafin ya sa tasa nan take, kuma dokar kwana 1 ba ta hana wanda aka wajabta wa canji.

Shafin ba ya buɗuwa sai daga cikin netwok ɗin ofis da rassa, kuma haka za a bar shi, domin shafi ne da ake iya gwada kalmomi a kansa, kowane kuskure kuma yana shiga ƙirgen kulle asusu. Takardar shaidar sabar ita ce ta rage. Hukumar shaida ta cikin gida ce ta ba da ita, kwamfutocin rassa kuma ba su san wannan hukuma ba tunda ba sa cikin domen, don haka burauza tana nuna gargaɗi. Ba zan koya wa ma'aikata su riƙa tsallake gargaɗin tsaro a shafin da suke rubuta kalmar sirri ba, saboda haka ba za a sanar da shafin ba sai an girka shaidar tushe a kowace kwamfutar reshe.

Talata, 22 ga Oktoba

Na bi dalilin da ya sa babu wanda ya ga gargaɗi kafin 7 ga wata. Dokar `Interactive logon: Prompt user to change password before expiration` tana kan kwana 5, gargaɗin kuma ɗan ƙaramin saƙo ne da ke leƙowa a kusurwar allo ya ɓace. Umarnin `quser` a sabar aiki ya nuna zama da dama a halin `Disc`, wasu tun makon jiya, domin ma'aikata suna rufe tagar ne kawai ba sa yin `Sign out`, washegari su koma cikin zaman da suka bari da manhajar lissafi a cike da allo. Na ɗaga gargaɗin zuwa kwana 14, na kuma sa `Set time limit for disconnected sessions` a kan awa 3, bayan na tattauna da sashen kuɗi, saboda idan layi ya yanke ana tsakiyar shigar da lissafi dole a bar wa mutum isasshen lokacin dawowa.

Tunda ba zan dogara da wannan ɗan saƙon kaɗai ba, zan riƙa fitar da jerin ranakun cikar wa'adi duk Litinin:

```
Get-ADUser -Filter 'Enabled -eq $true' -Properties msDS-UserPasswordExpiryTimeComputed |
  Select-Object SamAccountName,
    @{n='Waadi';e={[datetime]::FromFileTime($_.'msDS-UserPasswordExpiryTimeComputed')}}
```

Asusun da ya nuna shekarar 1601 shi ne wanda ke da alamar tilasta canji, wanda gurbinsa ya fito babu komai kuma shi ne wanda aka sa wa `Password never expires`. Jerin ya tabbatar da abin da nake tsammani, wato mafi yawan ma'aikatan rassa wa'adinsu zai sake cika a ranar 19 ga Nuwamba, kwana 42 bayan canjin 8 ga Oktoba, 'yan kaɗan da ba su canza kalmar da aka ba su ba kuma a ranar 18. Waɗannan 'yan kaɗan an kira su yau, sun canza.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An girka shaidar tushe an kuma goge kalmomin da aka adana a rassa biyu, saura na uku, wanda za a je ranar Litinin. A rassan da aka gama, mun raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni da makon da zai canza kalmarsa tun kafin wa'adi, domin ranakun su rarrabu kada su sake haɗuwa a safiya guda.

Abu biyu ba su kammala ba. Na farko shi ne ma'aikatan da ke aiki daga gida, waɗanda ke shiga netwok ɗin ofis da VPN ta amfani da suna da kalmar domen ɗin nan dai. Idan wa'adinsu ya cika ba za su kai ga shafin canza kalma ba, tunda shafin yana bayan VPN ɗin, kuma ina jiran amsar mai kula da na'urar a kan ko za a iya kunna canjin kalma a lokacin haɗi. Kafin nan, sunayensu ne a saman jerin Litinin, ana kiransu mako biyu kafin wa'adi.

Na biyu shi ne wa'adin kwana 42 kansa. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a daina tilasta canza kalma lokaci-lokaci sai idan akwai alamar ta fita, a 2019 kuma Microsoft ta cire wa'adin daga cikin saitin tsaro da take ba da shawara a kai. Na gabatar wa shugabanni buƙatar a tsawaita wa'adin a kuma ƙara mafi ƙarancin tsawon kalma zuwa harafi 14, amma na nemi kada a aiwatar sai an samu tantancewa ta mataki biyu a kan VPN. Za a duba buƙatar a zaman shugabanni na mako mai zuwa, kuma har sai an yanke hukunci, shirin 19 ga Nuwamba yana nan yadda aka tsara shi.